Babi na Shida: Agogon Kwali da Kalandar Bango

Me ya sa yaron da ya iya ƙirga daga 1 zuwa 100, yake kuma karanta lambobin da ke fuskar wayar mahaifinsa, sai ya tsaya yana zare ido in an ce ya dubi agogon bangon masallaci ya faɗi ƙarfe nawa? Iyaye da malaman firamare suna yin wannan tambaya a Yargoje da sauran garuruwan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, kuma sau da yawa sukan yanke cewa yaron ne ba shi da ƙoƙari. Alhali fuskar agogo ce ke ɗauke da ma'auni biyu a kan da'ira ɗaya. Lamba 3 tana nufin ƙarfe uku idan gajeren hannu ne a kanta, tana kuma nufin minti 15 idan dogon hannu ne. Babba ya daɗe da sabawa har ya manta cewa abu biyu ne. Yaro kuwa bai taɓa haɗuwa da lambar da ke sauya ma'ana ba, kuma in aka ba shi ma'aunan biyu a rana ɗaya, sai ya cakuɗa su.

Amfanin agogon kwali shi ne ana iya raba su. A cire hannu ɗaya a ajiye, a tsayar da lokaci inda ake so, a mayar da shi baya, yaro kuma ya taɓa da hannunsa ba tare da an ji tsoron zai lalata wani abu mai tsada ba.

Yadda ake yanka fuskar

Kayan aikin duk suna cikin gida ko shagon unguwa: kwalin taliya ko na sabulu mai kauri, farar takarda, almakashi ko reza, zare mai ƙarfi, maɓallan riga biyu, gam, da biro mai launi biyu. Ana kifa murfin tukunya ko faifai a kan takardar a zagaye shi da fensir. Faɗin da ya fi dacewa shi ne kamar santimita 24, wato daga tsakiya zuwa baki santimita 12. Da wannan girman, tazarar minti ɗaya a bakin da'irar takan ɗan wuce santimita ɗaya, yadda yatsan yaro zai iya sauka a kan kowane layi shi kaɗai. Idan fuskar ta yi ƙanƙanta, layukan minti sukan cunkushe, yaro ya riƙa tsallake su wajen ƙirga.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen zuba lambobi. Mai yin agogo yakan fara daga 1 ya bi da ido, sai ya tarar ya kai 12 saura fili mai yawa, ko kuma 10 da 11 sun matse a wuri ɗaya. Agogon da lambobinsa suka karkace ƙarya zai koyar, domin rabi ba zai zama rabi ba. Hanyar da ba ta bukatar kayan awo ita ce a yanke da'irar takardar, a ninke ta biyu, a sake ninkewa biyu. In an buɗe, inda layukan suka gitta shi ne tsakiya, bakunansu huɗu kuma su ne 12 da 3 da 6 da 9. Daga nan sai a karyi tsinken tsintsiya daidai tsawon tsakiya zuwa baki. A ɗora kansa ɗaya a kan 12, a karkata ɗayan har ya taɓa bakin da'irar: ta dama nan ne 2, ta hagu nan ne 10. A yi haka daga 6, a sami 4 da 8. Daga 3 a sami 1 da 5, daga 9 a sami 7 da 11. Ba sa'a ba ce: tsawon tsakiya zuwa baki yana zagaye kowace da'ira sau shida cif, kowane taku kuwa awa biyu ne a fuskar agogo. Tsakanin kowace lamba da mai bi mata sai a ja gajerun layuka huɗu, su raba wurin gida biyar.

Sai a manna takardar a kan kwali. Gajeren hannu a yi shi mai faɗi, santimita 7, ya tsaya kafin ya kai ga lambobi. Dogon a yi shi siriri, santimita 11, ya ratsa lambobin ya kai ga layukan minti. Launin gajeren hannu shi ne launin lambobin 1 zuwa 12. Launin dogon kuma a ajiye shi don lambobin minti da za a rubuta daga baya a wajen da'irar, saboda haka kada a yanke kwalin daidai bakin takarda, a bar masa gefe kamar faɗin yatsu biyu. A huda tsakiya da ƙusa, a sa maɓalli ɗaya a gaba ɗaya a baya, a ɗinke su da zare ta cikin hujin. Ɗinkin ya yi tsauri yadda hannu zai tsaya inda aka bar shi ko an jingina agogon da bango. Idan ya saki, duka hannayen za su zube su nuna 6. Ƙusa ko allura ba su dace su zauna a matsayin mariƙi ba, tunda ƙananan yara ne za su riƙa juyawa. A damina kuma kwali yakan sha danshi ya lanƙwashe, don haka a rataye shi a ƙusa, kada a bar shi a ƙasan ɗaki.

A fara da hannu ɗaya

A makonnin farko gajeren hannu kaɗai ake ɗaurawa. Wannan ba rage wa agogo daraja ba ne, domin yawancin tsofaffin agogunan hasumiyoyin Turai hannun awa kaɗai gare su, kuma mutane sun daɗe suna rayuwa da su haka. Gajeren hannu shi kaɗai yana faɗin kusan komai. Idan yana kan 7 daidai, ƙarfe bakwai ne. Idan ya ɗan gota, bakwai ta wuce kaɗan. Idan yana tsakiyar 7 da 8, bakwai da rabi. Idan ya kusa taɓa 8, takwas ta kusa.

Abin da ake son ya zauna a kan yaro a wannan mataki shi ne cewa duk filin da ke tsakanin 7 da 8 na bakwai ne, har sai hannu ya taka 8. Yana taimakawa a shafa wa kowane fili launi mai haske, a rubuta ƙaramar lambar mai shi a ciki. Kamar tafiya ce daga Yargoje zuwa Ƙanƙara: ko matafiyi ya fara hango gidajen Ƙanƙara, ba a ce ya iso ba sai ya shiga garin. Yaron da ya riƙe wannan ya tsira daga kuskuren da ya fi kowanne yawa a karatun agogo.

Ana ɗaura kowace awa da abin da yaro ya sani a yininsa: lokacin fita makarantar boko, lokacin tara, lokacin tashi, lokacin makarantar allo ko Islamiyya, lokacin da labarai ke fitowa a rediyo. Ana kuma haɗawa da sunayen da ya riga ya iya, asuba, hantsi, rana tsaka, azahar, la'asar, magariba da lisha, don ya gane cewa hannun yana zagayawa sau biyu a kwana ɗaya, shi ya sa ake da bakwai na safe da bakwai na dare.

Sai dai a nan akwai tarko. Bai kamata a rubuta magariba a kan wata lamba a ce nan take kullum ba, domin salla da rana take tafiya. A yankin Ƙanƙara rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 a watan Nuwamba, amma a farkon Yuli sai kusan ƙarfe 7. Fitowarta ma haka: jim kaɗan bayan ƙarfe 6 a ƙarshen Mayu, kusan ƙarfe 7 a ƙarshen Janairu lokacin hunturu. Ko rana tsaka ba ta faɗa kan 12 a nan. Agogon Nijeriya an daidaita shi ne da layin da ke gabas can wajen Tafkin Chadi, saboda haka a kudancin Katsina rana takan kai tsakiyar sama wajen 12 da rabi, ta ɗan riga ko ta ɗan makara gwargwadon wata. Abin da ya fi shi ne a yanki 'yar takarda a rubuta “magariba” a maƙala ta a gefen agogon da abin matse shanya, a riƙa gusar da ita duk bayan mako biyu ko uku. Yaro yakan ji daɗin ganin tana tafiya.

Shigowar dogon hannu

Ba a ɗaura dogon hannu sai yaro ya iya ƙirga biyar-biyar har sittin ba gargada. Idan ajin ya kai yara 12, kowa ya ɗaga hannu ɗaya a bi su: biyar, goma, sha biyar, ashirin, har a kai sittin. Sannan a rubuta 5, 10, 15 zuwa 55 a gefen kwalin da aka bari, kowace a bayan lambarta, da launin dogon hannu. Na ɗan kwanaki a cire gajeren, a bar dogon shi kaɗai, yaro ya riƙa faɗin minti nawa ya wuce daga 12. Sai bayan haka a haɗa su.

Tsarin da ya fi sauƙi shi ne awa cif, sannan rabi, sannan kwata, sannan biyar-biyar, a ƙarshe minti ɗai-ɗai. Tambayar ma tana da tsari. Kullum a fara da “Gajere yana filin wa?” kafin a ce “Dogo ya yi minti nawa?” Idon yaro dogon hannu yake fara kamawa saboda shi ya fi fitowa, kuma in aka bar shi ya fara da shi, lambar da ya gani a nan ita zai kira awa.

A wannan mataki ne raunin agogon kwali yake bayyana. A agogon gaske hannayen a haɗe suke ta ciki, duk motsin dogo yana jan gajere kaɗan. A na kwali ba abin da ya haɗa su. Malami mai sauri zai nuna bakwai da rabi ta hanyar kai dogo kan 6 ya bar gajere a kan 7 daidai, kuma babu agogon da ke aiki da ya taɓa nuna haka. Yaron da ya saba da wannan hoton, ranar da ya ga agogon gaske da gajeren hannu a tsakiyar lambobi biyu, sai ya rasa wacce zai ɗauka. Ƙa'idar mai sauƙi ce: gidaje biyar ɗin da ke tsakanin lambobi biyu, gajeren hannu yana cin ɗaya a kowane minti 12. A kwata ya ɗan wuce layi na farko, a rabi yana tsakiya, a saura kwata ya kusa layi na huɗu. Duk lokacin da aka taɓa dogo, sai a taɓa gajere, kuma yaro ya yi da kansa.

Takwas saura minti goma

Ga misali ɗaya a bi shi daki-daki. A ɗora dogon hannu a kan 10. A kai gajere cikin filin bakwai, ya ɗan gota layi na huɗu, dab da 8. Wannan shi ne abin da waya ke rubutawa 7:50, wanda a baki aka fi cewa takwas saura minti goma. A tambayi yaro ƙarfe nawa, amsar da ya bayar za ta nuna inda ya tsaya.

Idan ya ce “ƙarfe goma”, dogon hannu ya karanta a matsayin na awa. Maganinsa a cire dogon a koma hannu ɗaya na 'yan kwanaki. Idan ya ce “bakwai da minti goma”, ya gane filin awa, amma lambar cikin da'ira ya karanta wa dogo maimakon ta waje. Wannan yana bukatar ƙarin ƙirgan biyar-biyar da yatsa a kan gefen kwali. Idan ya ce “takwas da minti hamsin”, mintinsa daidai ne, amma ya ba gajeren hannu lambar da ya fi kusa da ita, ya ƙara awa guda. Shi ne ake tuna wa cewa ba a shiga takwas ba tukuna. Akwai kuma mai cewa “bakwai saura minti goma”. Wannan ya fi sauran nisa a karatu, ya san filin bakwai ne, ya kuma ƙirga abin da ya rage, sai dai bai gane cewa “saura” awa mai zuwa take kira ba.

Wannan na ƙarshe laifin koyarwa ne fiye da na yaro, domin an shafe makonni ana ce masa kada ya kira takwas sai an taka ta, yanzu kuma ana so ya kira ta. Shi ya sa ya fi kyau a jinkirta “saura” har sai ya iya faɗin dukan mintuna ta hanyar “da”, wato bakwai da minti talatin da biyar, da arba'in, da hamsin. Bayan nan a ja layi daga 12 zuwa 6, a ce ɓangaren dama na “da” ne, na hagu na “saura”. A sa shi ya ƙirga daga dogon hannu zuwa 12, biyar, goma, sannan a tambaye shi: “Saura minti goma a shiga ƙarfe nawa?” In aka faɗi jimlar a cike haka, da kansa zai ce takwas. A rubuta 7:50 a ƙasa, ya faɗi sunayen biyu yana kallon hannayen da ba su motsa ba.

Wayoyi da yawa suna nuna 14:30 ko 19:00. Wannan sai a ƙarshe. Ya isa a ce daga 13 zuwa sama a cire 12, kuma a gwada da 14:00 da 16:00 waɗanda yaro ya san su da lokacin azahar da la'asar a masallacin unguwa.

Alamar cewa karatu ya kama ita ce yaro ya iya abu uku: ya karanta lokacin da aka saita, ya saita lokacin da aka faɗa masa da gajeren hannu a wurin da ya dace, ya kuma karanta agogon gaske wanda ba shi da launi ko lambobin minti. Na ukun ne gwajin gaskiya, don haka a riƙa rufe lambobin gefe da takarda sannu a hankali.

Daga agogo zuwa kalanda

Ranakun mako ma zagaye suke yi, saboda haka bayan kwalin ana iya yin wata ƙaramar da'ira mai gida bakwai da hannu ɗaya. Idan daga tsakiya zuwa baki santimita 8 ne, tsinke mai kusan santimita 7 zai zagaye ta sau bakwai. A rubuta Lahadi zuwa Asabar, kowace safiya yaro ɗaya ya gusar da hannun. Sunayen 'yan ajin kansu darasi ne: Ladi da Ɗanladi, Altine, Talatu, Balarabe da Larai, Lami, Jummai da Ɗanjuma, Asabe. Kowa ya nemo gidansa. Da wannan da'irar ake koyar da shekaranjiya, jiya, yau, gobe, jibi da gata, ana matsar da yatsa baya ko gaba, ana kuma ƙirga kwana nawa ya rage kasuwar garin ta ci.

Kalandar bango kuwa ba da'ira ba ce, layuka ne, kuma abin da ke rikita yaro shi ne ƙarshen layi da gidajen da ba kowa a farkon wata. A ɗauki Oktoba ta 2026. Ranar 1 ga wata, ranar tunawa da samun 'yancin Nijeriya a 1960, ta faɗo Alhamis. A kalandar da ke farawa da Lahadi, gidaje huɗu na farko babu komai, kuma yaro yakan ɗauka 1 ga wata dole Lahadi ce. A nuna masa shafin Satumba ya ga cewa 30 ga wata Laraba ce, waɗancan gidajen kwanakin Satumba ne. Sannan ya bi da yatsa: 1, 2, 3, layi ya ƙare a Asabar, a sauko a koma hagu, 4 Lahadi. Sai a bi ginshiƙin Juma'a daga sama zuwa ƙasa, 2, 9, 16, 23, 30, a tambaye shi nawa ake ƙarawa kowane sauka. Da ya gano bakwai, zai iya faɗin kwanan watan mako mai zuwa ba tare da ya duba ba. Watan ya ƙare 31 ranar Asabar, kuma a bar shi ya faɗi da kansa ranar da Nuwamba za ta kama.

Tsawon watanni ana koyar da shi da dunƙulen hannu. Ƙashin da ya taso wata ne mai kwana 31, kwarin da ke tsakani mai 30, ban da Fabrairu mai 28, ko 29 a shekara irin 2024 da 2028. An fara da Janairu a kan ƙashin farko, Yuli ta faɗa a kan na ƙarshe, Agusta kuma ta sake farawa a kan ƙashi.

Yaron Yargoje da kalanda biyu yake rayuwa, kuma yawancin kalandun da ake ratayewa a gidaje da shaguna suna ɗauke da kwanan wata biyu a kowane gida, na boko da manyan lambobi, na Musulunci da ƙanana. Idan ƙananan da lambobin Larabci aka buga su, a kula da lambobi biyu: biyar ɗin Larabci ta yi kama da sifilin boko, shidan Larabci kuma ta yi kama da 7. Watan Musulunci kwana 29 ne ko 30, kuma abin da aka buga hasashe ne, sai an ga wata Sarkin Musulmi ya sanar, don haka bambancin kwana ɗaya ba kuskuren yaro ba ne. Shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta boko da kwana 10 zuwa 12, shi ya sa azumi ya kama 11 ga Maris a 2024, ya kuma kama 1 ga Maris a 2025. Sunayen da ake kira a gida, watan cika-ciki, watan Mauludi, watan azumin tsofaffi, watan azumi, ƙaramar salla da babbar salla, su ne tsanin da ake hawa zuwa Muharram, Rabi'ul Awwal, Rajab, Ramadan, Shawwal da Zulhajji.

Wuri ɗaya ne agogo da kalanda suke haɗuwa kai tsaye, wato lokacin da kwanan wata ke sauyawa. Na boko yana sauyawa ƙarfe 12 na dare, lokacin da hannaye biyu suka haɗu a sama yaro yana barci. Na Musulunci yana sauyawa da faɗuwar rana, inda aka maƙala 'yar takardar magariba. Dalilin da ya sa daren Juma'a yake zuwa bayan magaribar Alhamis ke nan, kuma ana iya nuna shi a kan kwalin: a juya hannu zuwa magariba a ƙara ɗaya a kwanan watan Musulunci, a ci gaba da juyawa zuwa 12 a ƙara ɗaya a na boko.

Yaron da ya kai nan ya iya faɗin ƙarfe nawa da nawa ga wata, amma bai iya faɗin tsawon abin da ke tsakanin lokuta biyu ba. Daga takwas saura minti goma zuwa tara da kwata minti nawa ne, daga 23 ga Oktoba zuwa 6 ga Nuwamba kwana nawa ne, da dalilin da ya sa debewar da ya koya a aji take ba shi amsar da ba daidai ba idan ya zo kan sittin, su ne abin da babi na gaba zai ɗauka.